An ba mu kwana 30 mu faɗi ra'ayinmu kan sabon jadawalin aiki, in sa hannu ko in ƙi?

Assalamu alaikum. Shekarata shida ina aiki a sashen shirya kaya na wata masana'anta, daga bakwai na safe zuwa uku na rana, Litinin zuwa Juma'a. Yanzu an raba mana takarda cewa ana so a koma dutin awa 12, daga bakwai zuwa bakwai: kwana biyu da rana, kwana biyu da dare, sai hutun kwana huɗu. An ce akwai kwana 30 na tuntuɓar ma'aikata, goma har sun wuce, kuma an haɗo da fom a sa hannu. Yarana biyu ƙanana ne, maigidana aikinsa na tafiye-tafiye ne, kuma daga gida zuwa wurin aiki minti 45 nake yi. Abokan aikina sun ce an riga an gama magana, kada kowa ya je taron, kada kowa ya sa hannu. Ni kuma ina tsoron rasa aikina. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki je taron. Kada ki sa hannu a kan amincewa tukuna. Kuma kafin kwanakin nan ashirin da suka rage su cika, ki miƙa amsarki a rubuce. Wannan ita ce shawarata a dunƙule, sauran bayanin dalili ne da yadda za ki yi.

Na fahimci abin da ke cin ran abokan aikinki, amma ƙaurace wa taron ba zai amfane su ba. Tuntuɓa ba ƙuri'a ba ce. Ba a ce idan mafi yawa sun ƙi za a fasa ba, kuma ba ta ba kowa ikon hana canjin shi kaɗai. Abin da take nufi shi ne mai aiki ya bayyana abin da yake son yi da dalilinsa tun bai zartar ba, ya saurari waɗanda abin zai shafa, ya auna abin da suka kawo, sannan ya yanke. Idan wa'adin ya cika babu wanda ya ce uffan, abin da za a rubuta a fayil shi ne an ba ma'aikata dama, ba a sami ƙorafi ba. Ranar da aka kai maganar gaban jami'in ƙwadago ko kotun ma'aikata, wannan takardar za a fara buɗewa, kuma ɓacin ran da aka yi ta yi a ɗakin canza kaya ba ya cikinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma jadawalin nan ba zai ƙara zama ɗanye kamar yadda yake a makonnin nan uku ba.

Aikin farko, yau da daddare in zai yiwu: ki nemo takardar ɗaukarki aiki, da littafin ƙa'idojin ma'aikata idan an ba ki, da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago idan kuna da ita. Layi ɗaya kike nema, inda aka yi maganar lokacin aiki. Idan an rubuta ƙarara cewa lokacin aikinki bakwai zuwa uku ne, Litinin zuwa Juma'a, to wannan sharaɗi ne na yarjejeniya tsakaninki da su, kuma a dokokin ƙasashe da yawa ɓangare ɗaya ba ya sauya sharaɗi sai da yardar ɗayan. Sau da yawa wannan ne ma dalilin da ya sa ake haɗo fom: suna buƙatar sa hannunki. Idan kuwa takardar ta ce awa 40 a mako bisa jadawalin da kamfani zai tsara, ko ta ce kamfani na iya sauya lokacin aiki idan buƙata ta taso, hannunsu ya fi ƙarfi. Ko a nan ɗin akwai abin faɗa, domin matsar da lokacin shiga da awa ɗaya daban ne da mayar da wadda ta shekara shida tana aikin rana zuwa kwana a masana'anta, sannan sharaɗin sauya lokaci ba lallai ba ne ya haɗa da ƙara yawan awanni. Ki kai takardun ga wakilin ƙungiyarku ko ofishin ƙwadago na yankinku su karanta miki su bisa dokar ƙasarku, saboda tsawon wa'adin sanarwa da iyakar awanni sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Shi kuma fom ɗin, ki karanta abin da ke saman wurin sa hannun kalma bayan kalma. Wani fom ɗin cewa yake yi kin karɓi sanarwar, wannan babu laifi, ki sa hannu ki rubuta kwanan wata, ki ƙara da hannunki cewa shaidar karɓa ce kawai. Wani kuma cewa yake yi kin amince da sabon sharaɗin. Wannan na biyun ki ajiye shi har sai an amsa tambayoyinki, kuma ki gaya wa manaja cikin ladabi cewa kina nazari ne. Ba laifi ba ne a tsakiyar wa'adin tuntuɓa, don haka aka ba da wa'adin.

Yanzu mu zo ga lissafi, inda nake ganin mafi yawan ma'aikata ke yin asara ba su sani ba. Jadawalin da aka kawo muku zagayensa kwana takwas ne, ba bakwai ba. A kowane zagaye za ki yi duti huɗu na awa 12, wato awa 48. Idan aka baje awa 48 na kwana takwas a kan mako mai kwana bakwai, ya zama awa 42 a mako. Ke kuma yanzu 40 kike yi. Wannan 42 ɗin ba daga sama ta faɗo ba: mako yana da awa 168, idan ana son injuna su yi ta aiki dare da rana ba tsayawa da rukunin ma'aikata huɗu, kowane rukuni awa 42 ne rabonsa. To ƙarin awa biyu a mako, a shekara ya kama awa 104, daidai da kwana 13 na irin aikin da kike yi yanzu. Idan sanarwar ta ce albashi bai canza ba, ma'anarta kuɗin kowace awa taki ya ragu. Tambayarki ta farko ke nan: awa biyun nan za a biya su, ko za a mayar da su ranakun hutu?

Akwai wani abu da ke iya juya lissafin gaba ɗaya, shi ne hutun tsakiyar duti. Idan cikin awa 12 ɗin an cire awa ɗaya ta hutu da ba a biya, to awa 11 ake lissafa miki, 44 a zagaye, 38 da rabi a mako. A takarda sai ya zama kamar an rage miki aiki, alhali zamanki a masana'anta ya ƙaru. Don haka ki nemi a rubuta miki sau nawa ake hutu a duti, minti nawa, kuma wanne ake biya.

Hutun shekara ma yana son a duba shi. A ce kina da kwana 20 yanzu, kowanne awa takwas, awa 160 ke nan. Idan aka mayar da su dutin awa 12, za su zama duti 13 da ɗan ɗoriya. Wannan a kan kansa ba zalunci ba ne, tunda ranakun aikin ma sun ragu, kuma idan kika ɗauki duti huɗu a jere kin sami kwana 12 a gida da hutun gaba da na baya. Inda matsala take shi ne idan awannin aikinki sun hau zuwa 42 amma an bar hutun a kan lissafin 40, ko kuma ba a faɗi yadda za a yi da ranakun hutun gwamnati da suka faɗo ranar dutinki ba. Ki haɗa da tambayar alawus ɗin dare da na ƙarshen mako: nawa ne, kuma yana shiga lissafin fansho da kuɗin hutu ko kuwa?

Sannan ki ɗauki kalanda ki zana jadawalin na mako takwas, domin sai bayan kwana 56 yake dawowa ranar da ya faro. Kowane zagaye yana matsawa gaba da rana ɗaya, shi ya sa ba za ki iya ce wa mai kula da yara duk Talata ki zo ba. A cikin mako takwas ɗin za ki yi duti 28, 14 da rana, 14 da dare. Asabar huɗu da Lahadi huɗu za su same ki a bakin aiki, kuma sau uku ne kacal za ki sami Asabar da Lahadi duka biyun babu shiga duti, ɗaya daga ciki ma da safiyar Asabar ɗin za ki sauko daga aikin dare. Hutun kwana huɗun gaskiya ne, awa 96 ne cif daga saukowa zuwa komawa, amma ranar farko barci ne zai cinye ta. A ranakun duti kuwa, awa 12 da tafiyar awa ɗaya da rabi sun bar miki awa goma da rabi a gida, a ciki za ki yi barci, ki ci abinci, ki ga yaranki.

Ban kawo wannan don in ɗaga miki hankali ba. Akwai mutane da yawa da ke son irin wannan jadawalin, saboda ranakun zuwa aiki suna raguwa daga kusan 260 a shekara zuwa kusan 182 kafin a cire hutu, kuɗin mota ya ragu, ga kuma kwanaki a jere na yin wata hidimar. Watakila a cikin abokan aikinki akwai masu murna a ɓoye, kuma za ki ga amfanin wannan nan gaba kaɗan. Amma ke taki matsalar yanzu ta sami suna da adadi: dare 14 a kowane mako takwas da babu babba a gida. Wannan shi ne abin da za ki kai teburin, maimakon jadawalin bai yi mini ba.

Game da aikin daren kansa, kina da madogara. Yarjejeniya mai lamba 171 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1990, ta ce kafin a shigo da jadawalin da ke buƙatar aikin dare sai mai aiki ya tuntuɓi wakilan ma'aikata kan yadda za a tsara shi. Ta kuma ba ma'aikacin dare damar neman a duba lafiyarsa kyauta kafin ya fara da kuma lokaci-lokaci, kuma wanda likita ya tabbatar ba zai iya aikin dare ba a mayar da shi irin aikinsa da zai iya idan da hali. Mai juna biyu kuma a samar mata madadin aikin dare na aƙalla mako 16 kafin haihuwa da bayanta. Ƙasashen da suka rattaba wa wannan yarjejeniya hannu ba su da yawa, saboda haka kada ki shiga taro kina cewa doka ce ta tilasta musu sai kin tabbatar. Amma ma'auni ce da aka sani, kuma babu manajan kirki da zai ji an nemi gwajin lafiya kafin fara dare ya ce an wuce gona da iri. Idan kina da ciwon suga, ko hawan jini, ko farfaɗiya, ko wani magani da ake sha a kan lokaci, ki ga likita tun yanzu ki haɗa takardarsa da amsarki.

To me za ki nema? A nan ne nake so ki fi ba da ƙarfi. Idan dalilin canjin shi ne injuna su yi aiki dare da rana, roƙon a bar komai yadda yake da wuya ya karɓu. Abin da ke karɓuwa shi ne mafitar da ta biya musu buƙatarsu ta kuma cire ki daga ƙunci. Mafi ƙarfi a irin halinki ita ce musaya ta dindindin. Ki nemi wani a rukuninku, mai irin aikinki da irin horonki, wanda ya fi son dare saboda alawus ko saboda wata hidima da yake yi da rana. Ke ki ɗauki ranakunsa biyu, shi ya ɗauki darenki biyu, sai ki zama kina kwana huɗu da rana, shi kwana huɗu da dare. Sai dai ki lura, a rukuni ɗaya ranakunku iri ɗaya ne, don haka idan kuka yi musayar a tsakaninku, kwana biyun farko za a rasa mutum ɗaya da rana, kwana biyun ƙarshe a rasa ɗaya da dare, sai rukunin da kuke haɗuwa da shi ya cike. Shi ya sa musayar ke tafiya daidai ne idan an yi ta da rukunan da ke karɓar juna, kuma aka zana ta a kan jadawalin duka rukunai huɗun. Ki zauna da mai tsara duti ku gwada ta a takarda. Manaja abin da zai duba shi ne ko kowace awa tana da adadin mutanen da yake buƙata, idan lissafin ya cika, hujjar ƙi ta yi ƙaranci.

Ki tanadi ta biyu idan wannan ba ta yiwu ba. A kusan kowace masana'anta da ke aiki dare da rana akwai guraben da ke zama na rana kawai, kamar sito, karɓar kaya ko duba inganci. Ki tambaya guda nawa za su rage, kuma da wane ma'auni za a zaɓi masu shiga. Ta uku ita ce lokaci: a ɗaga miki ranar farawa da wata biyu ko uku ki shirya wanda zai kwana da yara, ko a yi gwajin wata uku da ranar sake dubawa a rubuce. Kada ki jera buƙatu goma. Biyu ko uku, wadda kika fi so a gaba.

Amsar taki kada ta wuce shafi ɗaya. Ga irin yadda za ta iya kasancewa bayan gaisuwa da kwanan wata: «Na karɓi sanarwar canjin jadawali, kuma na fahimci buƙatar kamfani ta yin aiki dare da rana. A sabon tsarin zan yi dare 14 a kowane mako takwas, kuma ina da ƙananan yara biyu da babu mai kwana da su a waɗannan darare. A shirye nake in yi dutin awa 12 na rana, har da Asabar da Lahadi. Ina neman a duba musayar dindindin tsakanina da mai son dare, ko a sa ni a gurbin rana. Ina kuma neman bayani a rubuce kan biyan awa biyun da suka ƙaru a mako, da hutun tsakiyar duti, da hutun shekara. Kafin in sami amsa, ban amince da sauya sharuɗɗan aikina ba.» Ki lura akwai abin da kika bayar a ciki, ba nema kawai ba. Amma kada ki rubuta za ki iya bakwai zuwa bakwai na rana sai kin tabbatar akwai mai kai yara makaranta da ɗauko su, domin fita za ki yi tun shida da kwata, ki dawo takwas saura kwata na dare.

Ki miƙa ta a cikin mako guda, kada ki jira ranar ƙarshe. Guraben rana kaɗan ne, kuma wanda ya zo da magana da wuri ana iya gina jadawalin da shi a ciki. Ki riƙe kwafi mai hatimi ko sa hannun wanda ya karɓa. Idan an kira ki ganawa ke kaɗai, ki nemi zuwa da wakilin ƙungiya ko abokiyar aiki, bayan an tashi ki rubuta abin da aka faɗa ki aika wa sashen kula da ma'aikata su tabbatar. Alkawarin baki na za mu duba miki yana tafiya ne da manajan da ya yi shi ranar da aka canza masa wuri.

Su kuma abokan aikinki, maimakon ƙaurace wa taro ki ba su shawarar ku haɗa takarda ɗaya kan abin da ya shafi kowa: awa biyun nan, alawus ɗin dare, motar da za ta mayar da mutane gida, hutun tsakiyar duti, da ko shida zuwa shida ya fi bakwai zuwa bakwai dacewa da zirga-zirgarku. Irin waɗannan ne suka fi saurin canzawa a lokacin tuntuɓa idan mutane da yawa suka faɗe su da murya ɗaya. Taki matsalar ta gida kuma ta tafi a takardarki daban.

Zarginsu na cewa an gama magana yana iya zama gaskiya, kuma akwai alamun gane hakan. Idan an riga an liƙa sabon jadawali da sunayen mutane tun wa'adi bai cika ba, ko ranar farawa ita ce washegarin rufe tuntuɓa, ko an yi tambayoyi a rubuce mako biyu babu amsa, ko manaja ya faɗa a taro cewa babu abin da zai canza, to ki rubuta kowanne da ranarsa da wanda ya faɗa. A wuraren da doka ta wajabta tuntuɓa, wadda aka yi bayan an riga an yanke hukunci ba a ɗaukarta a matsayin ta gaskiya, kuma wannan rubutun naki shi ne hujjar ƙungiya ko lauya. Wanda bai je taron ba, ba shi da abin rubutawa.

Idan wa'adi ya cika aka ce an zartar ba tare da an biya miki buƙata ba, abubuwa biyu ne nake roƙonki kada ki yi cikin fushi. Kada ki ajiye aiki, kuma kada ki ci gaba da zuwa bakwai zuwa uku kamar ba a yi komai ba, domin za a iya rubuta miki rashin zuwa duti, maganar ta tashi daga kan jadawali ta koma kan ladabtarwa. Kada kuma ki bi sabon tsarin shiru na tsawon watanni, saboda a wurare da yawa ana ɗaukar hakan a matsayin yarda ko ba ki sa hannu ba. Hanyar tsakiya ita ce ki rubuta musu cewa za ki bi jadawalin na ɗan lokaci ba da amincewarki ba, ki shigar da ƙorafi ta hanyar da littafin ƙa'idoji ya tanada, ki kai maganar ofishin ƙwadago ko wurin lauyan harkar aiki a makon. A wasu ƙasashen mai aiki na iya kawo ƙarshen tsohuwar yarjejeniya da sanarwa ya miƙa sabuwa, kuma wa'adin kai ƙara a irin wannan yakan zama gajere, wani wurin 'yan watanni ne kawai. Ki tambayi wa'adin tun ranar da kika kai takardunki a karanta miki, ki rubuta shi a jikin kalandar da kika zana jadawalin.

Allah Ya sauƙaƙa miki, Ya raya yaran.